Ƙasar da ke Ƙarƙashin Ƙafarsa

Hoton ya shigo wayar surukata ne wata rana da hantsi, cikin bazara, ina zaune tsakar gida ina tankaɗen garin dawa. Lambar Nijar ce, ba wadda munka sani ba, kuma ba a haɗo shi da ko kalma ɗaya ba. Ta fito daga ɗaki da gudu, ɗankwali a hannu.

"Inna! Inna, ga shi! Wallahi shi na!"

Ta miƙo mini wayar. Na dubi wajen da hoton yake kamar yadda ake duban rana, na kau da kai, na ce, "To, madalla. Allah shi tsare." Na ci gaba da tankaɗe.

Wanda bai tashi a wurinmu ba zai ce ban damu ba. Mijinta shi ne ɗana na fari. A gidajenmu na Gobir uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zuba masa ido a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci abinci. Haka na ga uwata ta yi da yayana, haka ni ma na yi. Tun yana goye kakarsa ce ke yi masa wasa, ni kuwa in zan yi maganarsa sai in ce "yaron nan". Ko yanzu da nake rubuta wannan da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci, hannuna ba zai rubuta sunansa ba.

Mu mutanen Gangara ne. Da daji ya lalace, noma ya gagara saboda 'yan bindiga, munka kwashe munka dawo cikin garin Sabon Birni, gidan wani ɗan'uwan maigida. Namijin da ya saba da gona, in ka zaunar da shi bakin titi yana kallon mashina, ba ya daɗewa. Yaron nan ya haɗu da wasu samari na unguwarmu, sunka ce za su arewa neman aiki. Ba su faɗi gari ba, don su ma ba su sani ba. Maganarsa ta ƙarshe da matarsa daga Agadas ya yi ta. Ya ce dukansu suna gida ɗaya, suna jiran motar da za ta shiga da su Sahara. Daga nan wayarsa ta mutu, sai wannan hoton da ya zo bayan wani lokaci.

Ba a daɗe da zuwan hoton ba mugun labari ya iso. Wani direba ɗan Maraɗi ya aiko da murya a waya, anka yi ta tura ta gida gida. Ya ce an tsinci wata mota a tsakiyar rairayi, tsakanin Agadas da Dirku, ta kauce hanya ta lalace, ruwa ya ƙare wa mutanen cikinta. Babu wanda ya fita. Waɗanda sunka tsince su sun rufe su a nan. Daga kayan da anka samu an gane samarin unguwarmu uku. Sauran ba a gane su ba.

Gidaje uku sunka shimfiɗa tabarmi a ƙofa. Namu gidan ya tsaya a tsakiya, ba mu cikin masu makoki, ba mu cikin masu zuwa gaisuwa. Mata in sun fito daga gidan maƙwabta sai su tsaya a bakin zaurenmu, su rasa abin faɗi, su wuce.

Mahaifin surukata, wanda muke kira Alhaji, dattijo ne mai son a yi abu bisa ƙa'ida. Ya zo ya sami maigida a zaure, ni ina bayan zana ina jin su.

"Malam, ba son raina ba na," in ji shi. "Amma tare sunka tashi, gida guda sunka zauna, mota guda sunka jira. Ka dubi hoton nan da kyau. Mi ab bayan kafaɗatai? Rairayi na, ja wur. Cikin rairayin nan anka ishe motar. In ya rasu, ɗiyata na cikin kwanakin takaba yanzu haka, tana sa kwalli tana kitso ba ta sani ba. Wa za ya ɗauki wanga alhaki?"

Maigida ya ce a je wurin liman.

Liman bai yanke musu ba. Ya ce ba a sa mace takaba da zato, kuma ba a hana ta in mutuwa ta tabbata. Ya ce tunda babu wanda ya ga gawarsa, a nemo wanda ya san ƙasar nan ya faɗi inda anka ɗauki hoton. In cikin rairayin nan ne, to zato ya yi ƙarfi, sai a sake zama a ji ta bakin direban da ya kawo labari. In wani wuri ne dabam, kowa ya riƙe bakinsa.

Sai maigida ya ɗauki wayar ya tafi kasuwa wurin wani mai sayar da dabino da ke zuwa sari har Arlit. Ya dawo fuskarsa a sake, abin da na kwana biyu ban gani ba.

"Ya ce duwatsu na," ya gaya mini. "Ya ce hanyar Arlit zuwa Asamaka haka take, fili na tsakuwa, ba iyaka. Hanyar Aljeriya ke nan, ba ta haɗu da hanyar Dirku ba ko kaɗan. Yaron ya canza shawara, shi ke nan."

Alhaji da ya ji ya girgiza kai. Ya ce mai dabino ya dubi waya ne yana auna wa wata mata kaya, bai ko ajiye kwanon awo ba. Ya ce mutum ya faɗa maka abin da kake son ji ba shaida ba ce. Ni ma a raina na san haka. Mutane biyu sun dubi hoto ɗaya, ɗaya ya ga rairayi, ɗaya ya ga tsakuwa. Surukata kuwa ta daina cin abinci. Da safe sai ta ɗauki kwalli ta riƙe, ta ajiye, ta sake ɗauka.

Ina da taubashi a Isa, ɗan wan mahaifiyata. Ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa yana jan babbar mota daga Agadas zuwa Dirku da gaba da nan, har yanar ido ta rufe masa gani ya dawo gida. Tun da idon ya tafi ya daina riƙe waya. Na yi ta juya maganarsa a raina kafin in iya buɗe baki, domin uwa ta tashi takanas ta yi tafiya a kan ɗan fari abin magana ne. Da na faɗa, maigida ya dube ni kamar bai san ni ba.

"Isa? A wanga hali da hanya take ciki? Kuma wurin makaho, shi duba miki hoto?"

Na ce, "Za ni gaishe shi na. Na daɗe ban gane shi ba."

Ya gane. Ƙafarsa ba ta barinsa dogon zama a mota, don haka Alhaji ya ce shi zai je, ya ji da kunnensa, kada a dawo masa da magana an gyara ta.

Munka tashi ranar kasuwa, don ranar ce motoci ke tafiya a jere. Direbanmu ya tsaya a bakin gari har sai da wata mota ta fito daga can ɓangaren, ya ɗaga mata hannu, wancan ya ce, "Lahiya lau, amma kada ku tsaya." Wata mata a gefena tana ta jan carbi, ɗanta na ƙoƙarin kuka tana toshe masa baki da nono. Munka wuce ƙauyukan da na sani da mutane, yanzu rumbuna a buɗe, wasu a ƙone, ba ko kaza. A wata kwana munka hango mashina uku a gindin wata tsamiya can nesa da titi. Direba ya taka mota, Alhaji da ke gaba ya sunkuyar da kai, na ji yana salati ƙasa ƙasa. Ba su biyo mu ba. Har yau ban san ko su wane ne ba.

Mun sami taubashin nawa a zaurensa, zaune bisa buzu, da butar shayi a kan gawayi. Da na yi sallama ya karkata kai.

"Wagga murya ta mai cin bashin goro ta. Ke ta? Ashe kina da rai? Na ɗauka yunwar Gangara ta gama da ke."

"Ni ta, tsohon banza. Ido ya tahi, baki na nan."

"Bakin nan shi ka ci da ni. Wa kika jawo mani? Na ji takalmin namiji. Ko kin sake aure ba ki gaya mani ba?"

Alhaji ya yi gyaran murya ya faɗi ko shi wane ne. Nan take taubashina ya gyara zama, sunka gaisa irin ta manya. Alhaji ya kwashe labari duka ya gaya masa, tun daga Agadas har zuwa maganar liman. Da ya kai wurin motar da anka tsinta, tsohon ya daina kaɗa shayi.

"Na san wurin," ya ce. "Ba sai an gaya mani ba. Allah shi gafarta musu. To, ina hoton?"

Alhaji ya miƙa masa wayar. Ya yi dariya, bai karɓa ba.

"Alhaji, in ba ni za ka yi in lasa ba, ba ta da amfani gare ni. Wani za ya zama idona. Kai ka riga ka ga rairayi, in na tambaye ka rairayi za ka ƙara gani. Ba ta wayar. Ita ta san ƙasa, tun tana yarinya in munka je gona ita ka faɗin inda gero za ya yi da inda ba ya yi."

Na ce, "Haba, kai kuwa. A gaban surukina?"

"Kunya kika zo yi Isa? Da kin yi ta a gida, ba ki sha hanya ba. Karɓi."

Alhaji ya ajiye wayar a kan tabarma, ya juya fuskarsa wajen ƙofa. Na gode masa a raina. Na ɗauka.

Yaron nan yana tsaye, ya naɗe kansa da rawani har baki, idanunsa kaɗai da goshi a waje. Ya rame. Rigar da ke jikinsa na san ta, ni na wanke ta ranar da zai tafi, na ba matarsa ta ba shi kamar ita ta wanke. Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon idanun nan ba.

"Kin gama gaisawa da shi?" in ji taubashina, a hankali wannan karon. "To bar fuskar. Kowa fuska yaka kallo da abin da ab bayanta, shi ya sa suka ɓata. Sauka ƙasa. Ƙafafunai sun fito?"

Na ce sun fito.

"Buɗe wurin da yatsunki. Takalmin ya nutse?"

Na buɗe kamar yadda na ga surukata na yi. "Bai nutse ba. Yana bisa, har ƙasan takalmin ina gani."

"Akwai sawu kewaye da shi? Nashi, ko na wanda ya ɗauki hoton, ko na mota?"

Na duba ko'ina. Babu sawu ko ɗaya.

Ya juya wajen Alhaji. "Ka ji na farko. Sahara ba abu guda ba ta, Alhaji. Ku nan in an ce Sahara sai ku ga tudun rairayi, don shi aka nuna muku. Iri uku muka takawa. Akwai rairayi, wanda iska ka tarawa tudu bayan tudu, gefe guda kwance, gefe guda a tsaye, bisansa da kaifi awa bakin wuƙa. In ka tsaya a kai sai ƙafarka ta shige har idon sawu, kuma duk inda ka bi sai ka bar sawu. Fuskarsa da 'yan layuka awa an ja tsintsiya. Nan muka sace wa taya iska, mu shimfiɗa faifan ƙarfe in mota ta kafe. Wurin da motar nan ta mutu haka yake, tudu da shimfiɗar yashi, ba dutse ko na jifar kare."

"Amma ga rairayi nan a bayan kafaɗatai," in ji Alhaji, bai juyo ba. "Da idona na gane shi."

"Ke, akwai?"

Na ce akwai, ja, a bayan kafaɗarsa ta dama.

"Bi shi da ido. Ina ya fara, ina ya ƙare? Shi kaɗai yake tsaye, ko jingine yake da wani abu?"

Sai a lokacin na lura. Rairayin bai kai ko'ina ba. Ya kwanta ne a jikin wani dutse mai tsawo kamar katangar gida, ya yi tudu a gindinsa, ya sirance ya ƙare. Na gaya masa. Na ce kamar yadda yashi ke taruwa a bayan darni in an yi iska.

"Shi ke nan. Baƙo na, iska ta kawo shi ta aje a inda dutse ya tare ta. Irin wannan ko'ina akwai shi. Rairayi na gaske ba ya jingina da kowa, shi ad da gari."

Alhaji ya ce, "To ke nan mai dabino ya yi gaskiya."

"Sannu dai. Mu ji. Ke, duwatsun da ke ƙasa, yaya girmansu? Kamar gujiya? Kamar ƙwan zabo?"

Na sake buɗe hoton. Na ce a'a. Na ce wasu kamar faifai, wasu kamar murfin tukunya, wasu sun kai tabarmar salla. Masu faɗi ne, bakinsu da kaifi, kamar an fasa tulu an watsar. Bisansu baƙi-baƙi, inda sunka karye kuma ja. Shi kansa a kan falalen dutse yake tsaye, da tsaga a jikinsa, yashi ya cika tsagar.

"Tsakanin duwatsun fa, ƙasa ta ko dutse?"

"Dutse na. Dutse bisa dutse."

"To ba hilin tsakuwa ba na. Wancan shi na na biyu. Ƙananan duwatsu na, iska ta kwashe yashin ta bar su, sun jeru sun danne juna awa daɓen ɗaki. Shimfiɗe yake har inda ido ya ƙare, ba tudu ba kwari. Nan direba ka jin daɗi, ka taka mota yadda kake so. Kuma in taya ta bi ta kai, sawun na nan shekara da shekaru, don ta ture baƙin bisa ta tone farin ƙasa. Hanyar Asamaka in ka ɗauki hoto sai ka ga sawun motoci awa an yi shara da manjagara. Mai dabino ya ga dutse ya ce tsakuwa. Ba laifinai ba na, iyakar abin da ya taka ke nan."

Ya zuba shayi a ƙananan kofuna ba tare da ya zubar da ko ɗigo ba, ya tura wa Alhaji ɗaya. Ni ban ɗauki nawa ba.

"Yanzu ɗaga ido can nesa, inda ƙasa ta haɗu da sama. Mi kika gani?"

Na ce akwai wasu tsaunuka biyu, sun yi shuɗi saboda nisa.

"Kawunansu da tsini?"

"A'a. A yanke suke, kamar an sa wuƙa. Ɗaya kamar akushi a kife, ɗaya dogo kamar teburin mai shayi. Tsawonsu ɗaya."

"Itace fa? Ƙaya, ciyawa, ko busasshiya?"

Na bi hoton kusurwa kusurwa. Babu.

Ya ajiye kofinsa. "Na uku ke nan. Tudun dutse na, doro guda mai faɗi, a hau shi a yi ta tahiya bisa dutse tsirara. Can ka ga bakinsa ya yanke, sai kwari. Tsaunukan da kika gani guntayensa na da sunka rage, shi ya sa kansu ya daidaita. Mota ba ta barin sawu nan, sai dai direbobi su tara duwatsu su yi alama, kuma yana cin taya awa kura. Duba ko za ki ga tarin duwatsu da hannu ya jera."

Na daɗe ina nema. Can gefen hagu, rabi ya fita daga hoton, akwai wasu duwatsu da anka ɗora bisa juna. Na gaya masa. Ya gyaɗa kai kawai.

Alhaji ya juyo gaba ɗaya yanzu, ya manta da ni. "To ina ne? Kusa da Agadas ba duwatsu? Na ji ana faɗin duwatsun Azbin. Ba za ya yiwu nan sunka tsaya sunka yi hoto kafin su shiga rairayi ba?"

"Tambaya ta gari. Akwai duwatsu bayan Agadas, kuma hanyar na bi ta gindinsu. Amma na Azbin masu tsini na, tsaye, da manyan ƙwallaye a gindinsu, kuma cikin kowane kwari sai ka ga ƙaya da raƙuman Buzaye. Akwai kuma wata gaɓar dutse kafin a kai Agadas daga kudu, ita ma kanta a yanke, amma can ciyawa na fita, da itatuwa. Wanga da ta faɗa mani, falale tsirara, ba ɗanyen abu ko guda, da tsaunuka masu kai awa tebur, ban san shi ba a hanyar nan sai an wuce Dirku an yi arewa, wajen Jado. Kuma ba a kai can sai an ƙetare rairayin nan kakaf."

A waje wani mai kura yana ta kiran ruwa.

"Motar da ta mutu ba ta ƙetare ba," in ji taubashina. "Wanda ya tsaya bisa dutsen nan ya ƙetare. A Agadas haka aka yi, gida guda za a kwasa, amma in mota ta cika sai a tura saura wata. Wannan tahiyarsa ta farko ta?"

Na ce bai taɓa wuce Maraɗi ba.

"To ba tsohon hoto ba na. Ba ya cikin motar nan."

Alhaji ya shafa gemunsa. "Za ka iya rantsuwa yana da rai?"

"A'a. Ƙasa na faɗa maka, Alhaji, ban faɗa maka rai ba. In liman na so, a kawo shi ko a kai ni, in rantse bisa ƙasar. Ranar da anka ɗauki hoton nan yana tsaye da ƙafafunai bayan rairayi. Abin da ya faru bayan nan, Allah ɗai ya sani."

Alhaji ya ce ya ji, kuma ya isa. Ya tashi ya fita yin alwala, don azahar ta yi kuma direba ya ce ba zai kai la'asar a Isa ba.

Da munka rage mu biyu, taubashina ya sassauta murya.

"Ke, matso. Ban so in faɗa gabansa ba. Kin san abin da ka kai yara wajen can?"

Na ce ban sani ba, ko da yake na fara zato.

"Zinari. Ramu na, a cikin dutse, masu zurfi. Ba ruwa a wurin sai wanda mota ta kawo, kuma mai ramin shi ad da ruwan. Lambar da ta aiko hoton, kun kira?"

"Kullum. Ba ta shiga."

"Ba rezo can, wato sabis ɗin waya, sai wurin masu na'ura. Wani lokaci yaro na roƙon wani shi ɗauke shi, shi tura in ya samu hanya. Wani lokaci kuma mai ramin na ka karɓe wayoyin yaransa, shi tura hoto gida don a san suna hannunsa. Ban san wanne na ba. In lambar ta kira, kada ku yi mata gardama, kuma kada ku ce kun san inda yake."

Na ce, "Ka ba ni da hannun dama ka karɓe da na hagu."

"Haka Sahara take. Tashi ki tahi, kada hanya ta rufe. Kuma in za ki dawo ki zo da goro, marowaciya."

Na dafa kafaɗarsa na fita.

A hanyar dawowa mashinan nan ba su gindin tsamiya. Direba ya ce ya fi son ya gan su, don ya san inda suke. Munka iso Sabon Birni rana na shirin faɗuwa. Alhaji bai wuce gidansa ba, ya tsaya a zaure ya gaya wa maigida abin da ya ji, bai rage ba bai ƙara ba, sannan sunka tafi wurin liman tare.

Na shiga cikin gida. Ta bayan katanga ana jin maƙwabta, ana ta karɓar gaisuwa, muryar uwar ɗaya daga cikin samarin nan ta dushe. Surukata na zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ta warware rabin kitsonta, rabi na nan, tsinke a hannunta. Ta miƙe da ta gan ni.

"Inna, in shiga takabar?"

Na ce, "Kada ki shiga. Ba ya cikin motar. Gobe ki je a gyara miki kanki."

Ta durƙushe a wurin ta rufe fuska. Na bar ta ta yi mai isarta. Da ta ɗago ta ce, "To yana ina, Inna? Yaushe za ya dawo?"

Na ce yana bisa dutse, can gaba da rairayi, kuma iyakar abin da anka gaya wa babanta ke nan. Sauran maganar ban ba ta ba. Na miƙa mata wayar, na ce ta riƙa barinta da caji dare da rana, kuma in lambar nan ta kira, ko ina cikin salla ne, kada ta ɗauka, ta kawo mini.